Hisabin Aure Idan Ango Baƙo Ne

A garuruwan Tasawa da Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, ba kasafai ake ce wa mai neman aure “ba ma son ka” ba. Abin da ake cewa shi ne an duba, taurarin ba su zo ɗaya ba. Galibi ba uba ne ke zuwa wurin malamin duba ba. Gwaggo ce ko kaka ke ɗaura mayafi ta tafi da sunaye huɗu, na yarinya da na uwarta, na yaro da na tasa uwar, ta dawo da magana guda wadda ta isa ta tsayar da kayan gaisuwa a ƙofar gida. Yau da ’ya’yan wannan yanki suke karatu a Turkiyya da Maroko da Faransa, sunayen da ake kai wa malam sun fara zama irin waɗanda alƙalaminsa bai saba da su ba.

Hisabin suna dabam yake da bugun ƙasa, inda ake zana ɗige-ɗige a rairayi a fitar da gidaje goma sha shida. Shi lissafi ne tsagwaronsa, kuma tsohon ilimi ne a nan: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna ne da rubuce-rubucensa a kan lambobi da hatimai. Kowane baƙin Larabci yana da adadinsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a haka har dubu. A hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda ake jinginawa ga Abu Ma’ashar, ana tara adadin sunan mutum da na mahaifiyarsa, a yi ta zubar da goma sha biyu-biyu, abin da ya rage shi ne burujinsa. Burujan kuwa an raba su ga ɗabi’u huɗu bi da bi: wuta, ƙasa, iska, ruwa. Wuta da iska abokai ne, ruwa da ƙasa abokai ne, wuta da ruwa kuwa ba sa zaman gida ɗaya.

A ɗauki misali. Yarinya ’yar Tasawa, a ce sunanta Zainabu, mahaifiyarta Fatima, tana karatu a Turkiyya. Ta haɗu da saurayi Musulmi ɗan ƙasar mai suna Ahmad, sunan mahaifiyarsa Gul. Zainabu a hisabi 69 ne, Fatima 135, jimla 204. Idan aka zubar da goma sha biyu sau goma sha bakwai babu saura, wato ta faɗa buruji na ƙarshe, Hutu, mai ɗabi’ar ruwa. Ahmad 53 ne, babu gardama a kansa. Rigimar tana wurin Gul. Malamin da ya tashi da ajami zai rubuta sautin farko da gain, wanda a lissafin Magariba da muka gada 900 ne, ya bi shi da wawu da lam, ya sami 936. Da an haɗa da 53 an zubar, saura biyar: Asad, wuta. Gwaggo za ta dawo gida ta ce ruwa da wuta ne, a bar maganar.

To amma wa ya ce da wawu a sunan? Wasalin gajere ne. Idan aka cire wawun jimla ta koma 983, saura goma sha ɗaya, Ahmad ya tashi daga wuta ya zama iska. Idan kuma ɗan Masar ne ya riƙe alƙalamin, da jim zai rubuta wannan sautin, ya sa wawu, jimla ta zama 92, saura takwas: Aƙrabu, ruwa, ɗabi’ar Zainabu sak. Ita kuwa matar da ake ta lissafin sunanta, mai yiwuwa ba ta taɓa ganinsa da baƙaƙen Larabci ba, domin ƙasarsu ta koma rubutun boko tun 1928. Mutum ɗaya, uwa ɗaya, hukunci uku, kuma abin da ya raba su bai wuce yadda kunnen malam ya ji sunan a saƙon murya ba. Hanyar gane wannan rauni mai sauƙi ce: a nemi malam ya nuna yadda ya rubuta sunan, a tambaye shi dalilin kowane baƙi. A sunaye irin Musa da Maryam Alƙur’ani ya riga ya tsayar da rubutun. A sunan baƙo kuwa zaɓin marubuci ne kawai.

Hukuncin addini a kan duba ba ɓoyayye ba ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya nuna wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba’in ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu da’awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari. Mutanen Tasawa da Mayahi sun sha jin wannan a wa’azi. Duk da haka ana zuwa, kuma a ganina ba don an fi yarda da lambobi ba ne. Auren gida yana tsaye ne a kan bincike. Idan saurayi ɗan Kornaka ne ko Gazawa, kafin kasuwa biyu ta ci an san kakansa, an san ko gidansu suna riƙe mace da mutunci, an san wanda za a kai wa ƙara ran da aka yi yaji. Saurayin da ke bayan teku ba shi da wanda za a tambaya. Sai a tambayi malam, shi kuma ya ba dangi hanyar cewa a’a ba tare da an ce ana ƙyamar yaren wani ko launin fatarsa ba.

Shi ya sa wasiƙar da irin wannan ’ya ke aika wa mahaifinta, a takarda ce ko a waya, take da nata tsari. Ba ta farawa da saurayi. Tana farawa da gaisuwa, da tambayar damina da lafiyar iyaye, sannan ta ce, “Baba, na ji abin da Gwaggo ta zo da shi, kuma ban isa in ja da manya ba.” Uban take nufa domin a mazhabar Malikiyya shi ne waliyyi, ba a ɗaura aure sai da shi, kuma sau da yawa shi ne bai je wurin malamin da ƙafarsa ba, saboda haka yana da sararin sake tunani ba tare da ya janye maganarsa ba.

Wasiƙar da ke faɗuwa ita ce wadda ta shiga da faɗa, ta kira dangi jahilai, ko ta cika shafi da lissafin wawu da jim don ta kunyata malam. Ko ta yi gaskiya a lissafin, ta amsa tambayar da ba ita ke hana uban barci ba. Wadda ke samun shiga ita ce wadda ta mayar masa da binciken da nisa ya ƙwace masa. Tana cewa, “Baba, ga lambar mahaifinsa, ga ta limamin unguwarsu. Akwai ’yan Nijar a garin nan da suka girme ni, ka zaɓi wanda ka amince da shi ya je gidansu ya gani. Shi kuma ya yarda zai zo Tasawa da magabatansa, a ɗaura a ƙofar gidanka.” Daga nan sai ta roƙe shi ya yi istihara da kansa, raka’a biyu da addu’ar da Annabi ya koyar, maimakon a ba wani sunaye ya kwana a kansu.

Wannan ba ya share tsoron uba gaba ɗaya, kuma bai kamata a ce tsoron banza ne ba. Jikokin za su ji Hausa? Idan auren ya mutu, dokar wace ƙasa ce za ta ce ga wanda zai riƙe yara? Wa zai je biko, wa zai zo gaisuwar mutuwa? Waɗannan tambayoyi suna nan ko da hisabi ya fito ruwa da ruwa, kuma gara a ji amsarsu daga bakin dangin angon tun ba a tsayar da sadaki ba.