Yadda ake rubuta shawarar likita ta waya

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiyar wajen kilomita 70 ce, Kabo kuma tana tsakani. Idan aka kawo yaro yana jijjiga a ƙaramin asibitin ƙauye, ko a Getso ko a Garo, ma'aikaciyar lafiya takan buga wa likitan yara waya, wanda wataƙila yana Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a lokacin. Likitan ba ya ganin yaron, ba ya taɓa jikinsa. Abin da aka karanta masa kaɗai zai yi aiki da shi, shi ya sa gwanar aiki ba ta ɗaukar waya sai ta cika rabin takardarta.

A saman shafi takan sa kwanan wata da lokaci har da minti, sai sunanta da matsayinta, sunan likitan da asibitinsa, sannan sunan maras lafiya da shekarunsa da nauyinsa. Nauyin nan a kan sikeli take ɗaukarsa, ba da ido ba, domin da shi ake lissafa maganin yara. Daga nan sai ta raba shafin gida huɗu, tsarin da ake kira SBAR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2007 wajen miƙa bayanin majinyaci: halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da aka gano, da abin da za a yi.

A ɗauka yaro ne ɗan shekara 3, mai kilo 12. A gida na farko jimla ɗaya ta isa: zazzaɓi kwana 3, jijjiga sau 2 yau, ba ya iya zama ko shan ruwa. A na biyu sai ta rubuta abin da aka ba shi a gida, ko na kemis ko jiƙo, da lokacin da ya sha, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Gida na uku na awo ne zalla. Zafin jiki 39.4, gwajin maleriya na ɗan tsinke ya nuna akwai, tafin hannu ya yi fari fat, numfashi 48 a minti ɗaya. Numfashin nan ta ƙirga shi ne da agogo, minti guda cur, domin a wannan shekarun daga 40 zuwa sama ya yi sauri. Abin da ba ta auna ba kuwa, kamar sukarin jini, takan rubuta "ba a auna ba", don kada likita ya ga gurbi ya zaci lafiya lau ne.

Sai an zo gida na huɗu biro yake bin bakin likita. Ya ce maleriya ce mai tsanani, a yi allurar atesunet a cinya kafin a tura yaron. Ga yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ne ga kowane kilo, wato miligiram 36. A nan gwanar take tsayawa ta yi tambaya, domin kwalbar miligiram 60 haɗi biyu gare ta. Bayan an narkar da garin da mililita 1 na ruwan da ke zuwa tare da ita, idan ta tsoka ce ana ƙara mililita 2 na ruwan gishiri, sai a zuƙi 1.8. Idan ta jijiya ce ana ƙara 5, sai a zuƙi 3.6. Wanda ya yi haɗin tsoka ya zuƙi adadin jijiya ya ninka maganin ke nan. Saboda haka takan rubuta miligiram da mililita da hanyar allurar a layi ɗaya, sannan ta ce: "Likita, bari in maimaita maka. Miligiram uku da shida, talatin da shida, mililita ɗaya da ɗigo takwas, a cinya." Sai ya ce haka ne, ta rubuta cewa an maimaita kuma ya tabbatar. A layin da ke yankewa, sha shida da sittin da Turanci ba su da nisa a kunne.

A ƙasan shafi takan sa lokacin da allurar ta shiga, inda za a kai yaron, ko Babban Asibitin Gwarzo ko Kano, da abin da za a yi in ya sake jijjiga a hanya, ta sa hannu. Kwafi ɗaya ya bi uwar yaron, ɗaya ya zauna a fayil. Akwai mai rubuta "an kira likita, ya ce a tura" ya ajiye biro. Takardarsa ba za ta gaya wa nas ɗin da ta karɓi yaron komai ba. Ita kuwa takardar gwanar, in an ga allurar farko ƙarfe 4:20 na yamma, an san ta biyu sai bayan awa 12, wato ƙarfe 4:20 na asuba, ta uku kuma idan awa 24 ta cika.