Jinjina ga Marinan Daura

Jikata,

Ranar Sallah da Sarki Abdurrahman ke hawa, kafin rasuwarsa a 1966, bunu nake ɗaurawa. Masaƙa ke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, a ɗinke, a kai marina. Marini ya jiƙa baba da ruwan toka, ya bar rijiya kwanaki har ta nuna. Ya tsoma zanen, ya ɗaga ya sha iska, kore ya koma shuɗi, ya sake tsomawa har ya yi baƙi. Daga nan mabuga su buga shi da shuni.

In shuni ya kama fatar mace, an san gidansu da wadata. Allah ya jiƙan marinanmu, sun suturta mu.

Kakarki