Gwanintar Neman Tushen Kalma a Ƙamusun Larabci

A zaurukan karatu na Bagudo, Illo da Ka'oje, har zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, ba abin da ke burge ni kamar malamin da zai ci karo da baƙuwar kalma, ya ɗan yi shiru, sannan ya buɗe ƙamus daidai inda take. Ƙamusoshi irin su Mu'ujamul Wasiɗ ba su jera kalmomi yadda suka zo a littafi ba. Kowace tana ƙarƙashin tushenta, galibi haruffa uku, kuma wanda bai san tushen ba sai ya wuni yana juya shafi.

Malam yakan fara da cire kayan da aka sa wa kalmar: alif da lam, lamiri, alamar jam'i. Daga nan sai haruffan ƙari guda goma da aka tara a "sa'altumuniha". Da haka istigfar ke komawa gaini, fa, ra. Amma a kula, harafin ƙari ba kullum yake ƙari ba: mimin maktab ƙari ne, na malik kuwa na asali ne.

Inda gwaninta ke fitowa shi ne kalma irin ittifaƙ, wato yarjejeniya. Malam zai ɗora ta a kan ma'aunin ifti'al, ya cire alif na farko, da ta ɗaya, da alif na tsakiya. Saura ta, fa, ƙaf. Ɗalibi mai gaggawa zai nufi babin ta, ya dawo hannu rabbana. Shi kuwa malam ya san idan tushe ya fara da wawu, a wannan ma'auni wawun kan rikiɗe ya zama ta, ya shige cikin ta ta biyu. Asalin kalmar iwtifaƙ ne. Bai tsaya ga zato ba, sai ya kira danginta su yi shaida: muwafaƙa, taufiƙi. Ga wawu nan ya fito fili. Tushen dai wawu, fa, ƙaf ne.

Ba kowace ta mai shadda ke ɓoye wawu ba. Ittiba'i tasa ta asali ce, tabi'i ya ishe mu shaida. Shi ya sa ake gwada biyun, kuma in ma'anar da aka samu ba ta zauna a jimlar ba, an ɓata hanya.

Sai kuma sanin halin ƙamusun da ke hannu. Don neman ittifaƙ, a Wasiɗ babin wawu za ka je. A Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi kuwa harafin ƙarshe ne babi, na farko fasali: babin ƙaf, fasalin wawu.

Duk wannan ilimin sarfu ne, fannin da Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Hisnur Rasin a kansa. Ɗalibi, kafin ka sayi babban ƙamus, zauna gaban malam ka riƙe ma'aunan fi'ili tukuna.