Takardar da ke rakiyar littafi zuwa hannun mai duba rubutu

Akwai editan da ke tura wa mai duba rubutu littafi da saƙo guda: "Malam, a duba mini." Akwai kuma wanda ke zama ya rubuta shafi ɗaya cur kafin ya tura. Aikin na biyun nake sha'awa, domin a shafin nan yake zuba abin da ya koya a shekarun buga littattafai.

A ɗauka ƙagaggen labari ne na Hausa mai shafi 180, an riga an tsara shafukansa, za a kai wa wani mai duba rubutu da ke aikin kansa, ba ma'aikacin kamfani ba. Editan kan fara da shata iyakar aiki. Zai ce duban ƙarshe ake so, watau farautar kuskuren bugu, da harafin da ya faɗi, da alamar rubutu da ta ɓata, da lambar shafin da ta saɓa wa ta ƙunshiya. Gyaran jimla da sauya salo an wuce wurin. Dalilinsa mai ƙarfi ne: da zarar an tsara shafuka, ƙarin kalma biyu na iya tura layi zuwa shafi na gaba, babi ya gusa, ƙunshiya ta koma tana nuna inda babu komai. Sai ya faɗi yadda za a nuna gyaran. In a Word ne, a kunna Track Changes don kowane canji ya bar sawu. In PDF ne, a yi alama a gefe.

Wa'adi kuwa daga baya yake lissafo shi. Yana duba ranar da maɗaba'a za ta karɓi littafi, ya cire kwanakin shigar da gyara da na amsar marubuci. Idan ya ƙiyasta shafi 30 a rana, kwana shida ke nan. Sai ya rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe nawa, ya kuma nemi a turo masa babin farko tun a rana ta biyu, don ya ga ko sun fahimci juna kafin aiki ya yi nisa.

A sashen ƙa'idojin rubutu ne gwanintarsa ke fitowa fili. Yana tuna wa mai duba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun da lanƙwasa ɗaya ce ta raba ƙafa da kafa, kuma wasu nau'o'in haruffan na'ura kan mayar da su akwatin banza a bugu. Yana yanke shawara a kan 'y da ake rubutawa a Nijeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar, a bi ɗaya har ƙarshe. Yana kawo misalan rabawa da haɗawa: "yana" a haɗe, "motarsa" a haɗe, "su ne" a rabe. Sannan ya yi wani gargaɗi da sai wanda ya ga ɓarnar ke yi: kada a umarci na'ura ta mayar da kowane "ya na" ya zama "yana" a bugu ɗaya, domin za ta cafke "ya nace" da "ya naɗa" ta liƙe su, a tashi da "yanace" da "yanaɗa" a ko'ina. Ɗaya bayan ɗaya ake bin su da ido.

Sai jerin abin da ba a taɓawa, wanda a ganina shi ya fi kare littafin. A labarin akwai wani dattijo Basakkwace da ke cewa "Mi kaka so?" da "shina zuwa". Mai duba mai himma zai so ya daidaita su zuwa "Me kake so?" da "yana zuwa", ya shafe muryar dattijon da kyakkyawar niyya. Don haka editan ke ambaton sunan tauraron da shafukan da yake magana, ya ce daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ce, abin da ke bakin dattijo a bar masa. Haka baitin waƙa, inda ƙarin gaɓa guda ke karya kari. Haka ayoyi da hadisai, da alƙaluma, da sunayen mutane: wanda aka rubuta Muhammadu ba a mayar da shi Muhammad.

To, idan mai duba ya ga abin da ya tabbata kuskure ne a cikin waɗannan fa? Editan ya tanadi ƙofa. Kada ya gyara, ya rubuta tambaya a gefe: "Shafi 41 an ce shekarar Talatu 17, shafi 96 an ce 19, alhali wata guda ne tsakani. Wanne ne daidai?" Editan ya tara tambayoyin a takarda ɗaya, da lambar shafi da ta layi, ya miƙa wa marubuci, shi ya yanke hukunci kafin littafi ya tafi maɗaba'a.