Ceto Fuskar da Hasken Sama Ya Danne

A ɗauki misalin ango bayan ɗaurin aure: yana tsaye da farar babbar riga, rana tana bayansa, sararin sama ya yi fari fat. Hoto ya fito, fuska kuwa da ƙyar ake gane hanci da baki. Ba lalacewa kyamara ta yi ba. Aikinta ne ta auna hasken da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki, to da ta ga sama ya cika wuri sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya, fuska ta nutse.

Ɗan koyo yakan buɗe Lightroom ya ja Exposure sama. Fuska ta fito kam, amma sama ya ƙone, aikin wuyan rigar ya ɓace. Gwani ba ya haɗa su kuɗin goro. Yakan fara da sauke Highlights, har launin sama da zanen ɗinkin su dawo. Sannan ya ɗaga Shadows kaɗan. Daga nan sai ya ɗauki Brush, ya ƙara Feather domin bakinsa ya yi laushi, ya shafa fuska da wuya kawai, ya ɗaga Exposure na wurin zuwa +1, wato ya ninka haskensa sau biyu. Idan bai isa ba ya ƙara rabi.

Inda ya fi burge ni shi ne sanin wurin tsayawa. Yakan matso da hoton sosai ya duba kunci da ƙarƙashin ido, domin a nan ɗigo-ɗigo masu ja da kore ke fara bayyana, alamar an matsa wa inuwa fiye da abin da kyamara ta kama. Ya duba gefen hula: idan wani farin zobe ya kewaye kai, shafar ta zarce cikin sama, sai ya goge. Fuskar da ke inuwa kuma takan yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, don haka yakan tura Temp kaɗan wajen rawaya, a fuskar kaɗai. Ba ya kuma mayar da baƙin mutum fari. Wankan tarwaɗa ya tsaya wankan tarwaɗa, ta yadda mahaifiyar ango za ta gane ɗanta da kallo ɗaya.

Gyaran yana da iyaka. Hoton JPEG matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai, shi ya sa RAW ke jure ɗagawa. Saman da ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa. In an sauke Highlights sai dai ya koma toka. Saboda haka a wajen biki na gaba, gwanin zai kunna filasha da rana tsaka, ko ya sa yaro ya riƙe farin yadi a gaban ango, daga gefe, ya mayar da hasken rana kan fuskarsa.