Ku Bar Mana Rubutu Da Ransa

Jiya da yamma aka turo mini fayil ɗin katin ɗaurin aure, an ɗaga ranar daga Asabar 14 zuwa Lahadi 15. Gyaran minti biyu ne. Na buɗe shi a Inkscape, na ɗauki alƙalamin rubutu, na danna kan "Asabar", ko gezau. Na duba layin bayani da ke ƙasan allo, babu `Text` balle sunan salon rubutun. Wanda ya tsara katin ya bi kowace kalma da `Object to Path` ya mayar da ita zane, kuma wannan kwafin kaɗai ya ajiye. Na kira shi, ya ce wallahi shi ma abin da ke hannunsa ke nan. Raina ya ɓaci, don wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakaninmu.

Sai da na koma tsintar haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ciro "h" da "d" daga sunan wani cikin 'yan gayyata, "i" daga "aure na alheri", na daidaita girmansu, na jera su da ido. Babban "L" kuwa babu shi ko'ina a katin, lambar 5 ma haka. Da hannu na zana su, kuma duk mai ido zai ga cewa ba uwa ɗaya ta haife su da sauran ba. Awa guda da rabi ta tafi a kan kalma ɗaya da lamba ɗaya.

Na san inda tsoron ya samo asali. Yawancinmu a shagunan buga takardu muka koyi aiki, a kan CorelDRAW, inda maigida ke cewa kada ka kuskura ka kai aiki madaba'a ba ka danna `Ctrl+Q` ba. Kuma gaskiyarsa. Fayil ɗin SVG da Inkscape ke ajiyewa ba ya ɗauke da salon rubutun a cikinsa, sunansa kawai yake riƙewa. Ga yadda abin yake a ciki:

```
<text style="font-family:'Charis SIL';font-size:48px">Ɗaurin Aure</text>
```

Idan kwamfutar da ta buɗe fayil ɗin ba ta da wannan salon, sai ta aro wani ta nuna maka. Faɗin haruffan aron ba ɗaya ba ne da na asali, shi ya sa sunan amarya ke tsallake da'irar da aka zana masa, ko layi biyu su hau kan juna. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin matsala: salo da yawa na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai manhajar ta aro harafin nan ɗaya tak daga wani wuri. Za ka ga "ƙauye" da ƙ ɗinta siririya a tsakiyar haruffa masu kauri, kuma a kowace kwamfuta wata ƙ daban za ta fito. To, na yarda, akwai dalilin mayar da rubutu zane.

Abin da ke damuna shi ne lokacin da ake yi, da kuma wurin da ake yi.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa, don a nan ne mutane ke kashe aiki da hannunsu. Mutum ya buɗe fayil, ya ga rubutu ya karkace, ya firgita, ya danna `Shift+Ctrl+C` wai don ya tsayar da shi. Abin da ya tsayar kuwa shi ne salon aron. Inkscape abin da yake nunawa a allo shi yake zanawa, ba zai iya zana siffar harafin da ba ya gani ba. Kafin ka danna, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutarka ce ba ta da kayan karanta shi. Bayan ka danna ka ajiye, ko ka mayar wa mai salon na asali, ba abin da zai dawo. Mayar da rubutu zane aikin kwamfutar da ke da salon ne, ita kaɗai.

Gane cewa salo ya ɓace ba wuya. Danna rubutun da alƙalamin rubutu, ka dubi akwatin sunan salo a sama: za ka ga alamar gargaɗi, a jerin kuma an ja layi a kan sunan. Akwai ma zaɓin `Show font substitution warning dialog` a cikin `Preferences`, a sashen kayan rubutu. Ku kunna shi yau, zai gaya muku tun daga buɗe fayil wane salo ne babu, da me aka maye gurbinsa.

Abin da ya fi faranta mini rai a Inkscape, wanda mutane ba su cika sani ba, shi ne ba ya goge sunan salon da ya ɓace sai in kai ka canza shi. Da katin jiya ya zo mini da rubutunsa da rai, ko da ba ni da salon, da na goge "Asabar 14" na rubuta "Lahadi 15", na ajiye, na mayar. A kwamfutar mai shi zai fito tsaf da salonsa. Sharaɗin kawai ka kame hannunka: kada ka ja rubutun gefe don ka ga kamar ya karkace, kada ka rage girmansa don ya shiga akwati, domin kana auna rigar wani ne a jikin wani. Idan an daidaita layin a tsakiya tun farko, zai zauna a tsakiya ko da tsawon kalmar ya canza.

Idan kuma kai za ka kai aikin madaba'a, nemi salon ka saka, ka rufe Inkscape ka sake buɗewa don ya gan shi. In bai samu ba, ko lasisinsa bai yarda a raba ba, canza shi da gangan, idonka biyu. `Extensions > Text > Replace Font` zai jero maka salon da ke cikin fayil ɗin, ya sauya ɗaya da wani a ko'ina. Zaɓi wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa, irin su Noto Sans, Charis SIL ko Andika, sannan ka bi kowane layi ka gyara zamansa, ka kuma sanar da mai aikin.

Yaushe ake mayar da rubutu zane? Tambari, i, domin siffar ce kayan. Aikin da za a kai wa na'urar yanka sitika, dole, ita layi take bi. Bana da kati da za su fita hannunka zuwa kwamfutar da ba ka sani ba, babu laifi. Amma a kan kwafi, a matakin ƙarshe, bayan mai aiki ya karanta sunaye da rana ya ce sun yi. Ba ma sai ka taɓa na asalin ba. Wajen ajiye PDF akwai `Convert text to paths`, yana zana haruffan a PDF ɗin kaɗai, fayil ɗinka na SVG na nan yadda yake. Tun daga Inkscape 1.0 na 2020, wannan layin ma ya wadatar:

```
inkscape --export-text-to-path --export-filename=kati-bugu.svg kati.svg
```

Fayil biyu ke nan, ɗaya na gyara, ɗaya na bugu. Nawa suka ci na wuri a kwamfuta? Ko hoton waya ɗaya ba su kai ba. Duk da haka kullum sai a turo maka na bugun kawai, a ce don Allah ɗan canza lambar waya. Ranar biki tana ɗagawa, wurin walima yana canzawa, kawun amarya yakan ce an manta da sarautarsa a gaban sunansa, kuma duk mun san haka tun kafin mu fara aikin.

Na tura wa mai katin gyaran da daddare, na roƙe shi ya sake buga rubutun gaba ɗaya a kwamfutarsa, ya ajiye shi daban. Da safiyar yau ya kira ni: gidan ango sun ce a ƙara sunan masallaci.