Rigar da ta wuce bakin hoto

Wani salo ya yaɗu a tsakanin masu gyaran hoto da kwamfuta, kuma ya kai ga hotunan da ake ratayewa a zaurukan birnin Zariya, shi ne a ɗauko hoton da ya tsaya a ƙugu ko a cinya, a ƙara masa fili ta ƙasa, sannan a zana ragowar babbar riga ko alkyabba ko doguwar rigar mata har ta sauka inda ake so. Buƙatar hakan a fili take, domin wasu tsofaffin hotunan iyaye da kakanni rabin jiki ne, alhali iyalai suna son cikakken hoto don kalandar biki ko ta naɗin sarauta. Sai dai abin da ke bayan bakin hoto zane ne, kuma a garin da ɗinkin hannu na babbar riga yake sana'ar gado a unguwannin da ke cikin ganuwa, bai kamata wanda bai san ginin riga ba ya ɗauki wannan zane da wasa.

Filin da ake magana a kai shi ne farfajiyar aikin da hoto yake zaune a cikinta, kuma faɗaɗa shi ya bambanta da ƙara girman hoton. A manhajar Photoshop, umarnin Image Size yana miƙe duk abin da ke cikin hoton, fuska da riga baki ɗaya, shi kuwa Canvas Size yana barin hoton yadda yake, ya buɗe wuri fanko a gefensa. A cikin akwatin wannan umarni akwai Anchor, wato ma'aunin da ke nuna gefen da hoton asali zai lizimta, don haka wanda yake son fili ta ƙasa sai ya kafe hoton a tsakiyar layin sama. Tun daga 2023 kamfanin Adobe ya ƙara Generative Expand, wanda yake cike sabon filin da kansa ta hanyar kintace, kuma sauƙin da wannan ya kawo yana cikin dalilan yawaitar aikin.

Lissafin yawan filin da za a ƙara shi ne wurin da gwani yake rabuwa da mai koyo. A ɗauka akwai hoton wani dattijo mai faɗin fiksel 2400 da tsawon 3000, fiksel kuwa shi ne ɗigon da hoton kwamfuta yake haɗuwa da shi, kuma wannan shi ne girman inci 8 da 10 idan an buga ɗigo 300 a kowane inci. Idan tsawon kansa daga haɓa zuwa ƙoƙon kai, ban da hula, ya kai 600, kuma ƙoƙon kan ya fara a 450 daga sama, to ƙa'idar masu zane da ke cewa tsayin baligi ya kai kamar kai bakwai da rabi tana nuna cewa tafin ƙafarsa zai sauka a 4950. Idan aka bar wa daɓe 450, tsawon filin ya zama 5400, wato an ƙara 2400. Bakin rigar, wanda a al'ada yake tsayawa tsakanin gwiwa da idon sawu don ƙafar wando ta fito, zai faɗa wajen 4200. Amma hoto mai faɗin 2400 da tsawon 5400 ya yi siriri, kuma babbar riga tana buɗewa ta gefe, saboda haka kafin ya koma ma'aunin 8 da 10 dole faɗin ya kai 4320, a ƙara 960 a dama da 960 a hagu. Sakamakon wannan lissafi abin tsayawa a duba ne: hoton asali bai kai kashi ɗaya cikin uku na sabon ba, sauran duk hannun mai gyara ne, kuma kan da yake inci biyu a takarda ya ragu zuwa inci ɗaya da ɗan ɗoriya.

A cikin wannan kaso biyu da aka ƙirƙira ne kurakurai suke taruwa, kuma mafi muninsu yana kan aikin allura. Adon babbar riga ba a raba shi daidai tsakanin dama da hagu, domin nauyinsa yana kan babban aljihun da ke ɓangaren hagu na mai sanye da ita, inda askaki, wato dogayen siffofi masu tsini da ke kallon ƙasa, suke sauka, kuma yawansu ne yake ba wa riga suna, kamar aska biyu da aska takwas. Manhajar da ke cike fili da kanta tana kwaikwayon abin da ke kusa da baki ne, don haka idan hoton ya yanke a tsakiyar aljihu takan maimaita askakin har ƙasa, ko ta kwafa su zuwa dama, ko ta narkar da su su zama wani ado marar suna. Ɗinkin da ya ci wa maɗinki makonni ko watanni yana da iyakar da ya tsaya, kuma ƙasan riga fili ne na yadi zalla. Idan rigar ta saƙi ce ko tsamiya, waɗanda ake harhaɗawa daga zirin saƙa marasa faɗi, layukan haɗin suna gangarowa a jere suna bin lanƙwasar ninki, kuma da zarar sun karkace ko sun ɓace a daidai tsohon bakin hoton, duk wanda ya tashi a gidan maɗinka zai gane. Haka nan shafi, wato yadin da ake liƙawa ta ciki a bakin riga, wanda yakan leƙo idan an naɗe hannuwa bisa kafaɗa, ba ya zuwa a zanen wanda bai san da shi ba.

Sauran alamun da ke tona gyaran na haske ne, kuma ba su da wuyar ganewa. Ƙyallin shaddar da ta sha bugu yana bin inda haske ya fito, inuwar ƙafa dole ta faɗi ɓangare ɗaya da inuwar haɓa, kuma tsohon hoto yana da ɗan burɗi-burɗi wanda sabon zane mai santsi ba shi da shi sai an sa masa.

Hanyar da ta fi aminci ba ta da tsada a Zariya, domin rigunan suna nan a akwatunan gidaje. Idan rigar da ke hoton tana hannun iyali, ko akwai irinta, sai a sa wa wani mai kusan tsayin mai hoton, a ɗauke shi da kyamara a tsayin da aka ɗauki na farko, haske yana fitowa daga gefe ɗaya, sannan a ɗora ƙasan wannan hoto a wani shafin aiki na dabam, a haɗe su a cikin duhun ninki, nesa da aljihu. Ta haka kowane zare da ya bayyana zare ne da wani maɗinki ya soka, kuma cikon manhaja ya tsaya a bango da daɓe, inda kuskurensa ba ya cutar da kowa.

Akwai kuma iyakar da ƙwarewa ba ta ɗage ta. Alkyabba tufa ce da ake dangantawa da sarauta da malanta, kuma wanda ya kalli hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ya san cewa tufafi suna faɗin matsayin mutum kafin a ambaci sunansa. Tsawaita rigar da mamaci ya sanya da gaske hidima ce ga iyalansa, amma yafa masa alkyabbar da bai taɓa yafawa ba shaida ce ta ƙarya da jikoki za su gada su ɗauka tarihi. Saboda haka ya wajaba mai gyara ya miƙa wa iyali hoton asali tare da wanda aka faɗaɗa, ya kuma rubuta a bayan na biyun shekarar da aka yi gyaran da inda tsohon bakin hoton ya tsaya.